Yadda Ake Sassaƙa Taken Kundi: Yini Guda a Zauren Wani Malami

A arewacin Kano, in ka bar Dawanau ka miƙe hanyar Bichi ko ta Ɗambatta, da wuya idonka ya sauka a kan daji. Gona ce ke dafe da gona, gida na hango gida, kowane taƙi da mai shi, kuma kowa ya san inda iyakarsa ta tsaya ko da babu shinge. Wannan yanki ne masanin labarin ƙasa Michael Mortimore da abokin aikinsa suka yi rubutu a kansa a 1965, suna nazarin yadda jama'a masu yawa haka ke ci daga ƙasar da ba a barinta ta huta. A wani ƙauye na wannan yankin, cikin kaka, na raka ƙanena wurin malamin da ke duba masa kundin digiri na biyu a fannin ilimi. Ƙanen nawa malamin firamare ne a karkarar Ɗambatta. Na je ne don rakiya kawai, amma abin da na gani ya sa na nemi takarda na fara rubutawa.

Mun tarar da Malam a zaure, kan tabarma. Kayan aikinsa ba su da yawa: jan biro, rula, 'yan fallayen takarda, da kalandar makarantun jiha da ya naɗe ya saka cikin wani littafi. Bayan gaisuwa, ƙanena ya miƙa takardarsa da hannu biyu. Taken da ya rubuta, in an mayar da shi Hausa, shi ne: "Matsalolin Ilimi a Karkarar Jihar Kano da Hanyoyin Magance Su."

Malam ya karanta sau biyu, ya ajiye. "Ɗana," in ji shi, "rufe takardar. Faɗa mini da Hausa, kamar kana gaya wa mahaifinka. Me ka gani a ajinka da ya hana ka barci?"

Ƙanena ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni dai abin da ke damuna, da zarar an fara cirar gyaɗa sai ajina ya zama fayau. Wata rana in kira suna, in ga benci biyu uku ba kowa."

"To, ga bincikenka nan," in ji Malam. "Wancan na takarda aikin ma'aikata ne sukutum, kuma ko ita ba za ta gama shi a shekara ba."

Daga nan aka fara sassaƙa. Malam ya ja layi huɗu a farar takarda da rula, ya ce take mai kyau dole ya amsa abu huɗu: me za a auna, a jikin wa, a ina, kuma yaushe. Ya ce duk kalmar da ke cikin take alkawari ce, ranar kare kundi kuwa masu jarrabawa za su bi ta ɗaya bayan ɗaya su nemi a nuna musu inda aka cika ta. Wanda ya rubuta "Jihar Kano" ya ɗauki alkawarin ƙananan hukumomi 44. Wanda ya rubuta "ilimi" ya haɗa firamare da sakandare da Islamiyya da tsangaya, har da jami'a. Jan biron ya bi ta kan "Jihar Kano", aka rubuta Ƙaramar Hukumar Ɗambatta, don a nan ƙanena yake, ya san hedimastocin, kuma babur ɗinsa zai kai shi kowace makaranta ya dawo kafin magariba. Malam bai ga ƙasƙanci a wannan taƙaitawa ba. Ya tuna mana cewa Polly Hill, wadda ake ambato har yau in ana maganar karkarar Hausa, littafinta na 1972 a kan Ɓatagarawa ta gina shi, na 1977 kuwa a kan Ɗorayi.

Aka zo kan yaran. Wane aji? Ƙanena ya ce duka. Malam ya girgiza kai, ya ce ɗan aji ɗaya ba ya ɗaukar dami, fashinsa wani dalili ne daban, ƙila zazzaɓi ko nisan hanya. 'Yan aji shida kuma hankalin malamai na kansu saboda jarrabawar fita, wannan kaɗai zai iya riƙe su a makaranta. Ɗan aji biyar ya isa a tura shi gona, kuma babu jarrabawar da ke jan sa. Aka tsaya a aji biyar, makarantun gwamnati, na ƙauyuka ban da na cikin garin Ɗambatta.

Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne layin farko, wato me za a auna. A nan na fahimci abin da masu bincike ke kira baryabul: duk wani abu da ke hawa ya sauka, ko ya bambanta daga mutum zuwa mutum, wanda kuma za a iya ƙidaya shi ko a rarraba shi. "Matsala" ba ta ƙidayuwa. Halartar makaranta tana ƙidayuwa, domin akwai rajista, kuma ana kiran suna. Malam ya sa ƙanena ya yi lissafin a gabansa. A ce makaranta ta buɗe kwana 30, yaro ya zo kwana 21. Raba 21 da 30, ka ninka da 100, ka sami kashi 70 cikin ɗari. Wannan adadin, in ji shi, shi ne ma'anar "halarta" a cikin kundinka, kuma za ka rubuta shi ɓaro-ɓaro a babi na ɗaya don kada wani ya fassara maka ita yadda ya ga dama. Ya ƙara da cewa kwanakin da makaranta ta buɗe za a ƙirga, ba kwanakin kalanda ba, don haka ranar hutu ko ranar da malamai suka tafi taro ba ta shiga lissafi.

Ƙanena ya ɗauki biro da murna ya rubuta sabon take da ya fara da "Tasirin Aikin Gona a Kan Halartar Makaranta". Na ɗauka an gama. Malam ya kewaye kalmar farko da ja.

Bayanin da ya yi a nan shi ne ya fi tsaya mini a rai. Ya ce kalmomi uku ne ɗalibai ke ɗauka kamar ɗaya, alhali kowace da hanyar da take jan mutum. In ka ce tasiri, ka yi iƙirarin cewa wannan ne ya haifar da wancan, kuma ba a tabbatar da haka sai da gwaji: a raba yara biyu ba tare da zaɓe ba, a yi wa kashi ɗaya abin, a bar ɗayan, sannan a kwatanta. Wa zai ce wa manomi ya tura wannan ɗan gona ya hana wancan saboda kundin wani? In ka ce alaƙa, kana nufin abu biyu da aka auna a jikin kowane yaro, a ga ko suna tafiya tare. Ke nan sai ka san awa nawa kowane yaro ya yi a gona, abin da ba a rubuce yake a ko'ina ba, kuma yaro ba zai tuna ba bayan wata biyar. In kuwa ka ce bambanci, abu ɗaya kake aunawa a lokaci biyu ko a rukuni biyu. Rajista za ta iya ba ka wannan. "Abin da ke hannunka," in ji Malam, "shi zai zaɓa maka kalma. Kada bakinka ya yanka abin da rajista ba za ta iya biya ba."

Aka tsaya a kan bambanci tsakanin kaka da rani. Sai Malam ya zaro kalandar, ya shimfiɗa ta, ya soma aikin da sai ɗan ƙasa zai iya. Zangon farko na shekarar karatu yana farawa cikin Satumba, lokacin da ake girbin gero. Amma makonnin farko na kowane zango yara ba sa cika aji ko da babu gona, don haka ya tsallake su. Ya ɗora rula a kan mako shida daga Oktoba zuwa Nuwamba 2023, lokacin cirar gyaɗa da roron wake da shiga girbin dawa. Don rani kuma ya zaɓi mako shida daga tsakiyar Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu 2024. Na tambaye shi me ya sa bai matsa zuwa Maris ba, da yake sanyi ya ragu. Ya ce azumin shekarar ya kama ranar 11 ga Maris, kuma azumi yana da nasa yanayin a makaranta. In ya shiga cikin ma'aunin, ba za a san na gona da na azumi ba. Lokutan biyu kuma suna cikin shekarar karatu ɗaya, ke nan yaran su ne dai, sunayensu a rajista ɗaya.

Bai tsaya nan ba. Ya tambayi ƙanena ko cikin makarantun da yake tunani akwai na kusa da dam ɗin Tomas. Akwai guda biyu. Malam ya ce a fitar da su, domin inda ake noman rani, watan Janairu ba hutun gona ba ne, yaro na can yana ban ruwan tumatir da albasa. In aka haɗa su da sauran, bambancin zai dusashe, mai bincike ya zaci babu shi. Wannan cirewar za a bayyana ta a ƙarƙashin farfajiyar bincike, wato sashen da ke faɗin inda aikin ya fara da inda ya tsaya. Makarantu takwas suka rage.

Ga taken da ya fito bayan kusan awa biyu, takardar ta yi jawur: "Bambancin Halartar Makaranta Tsakanin Kaka da Rani ga 'Yan Aji Biyar a Firamaren Gwamnati na Karkarar Ɗambatta, Jihar Kano, 2023/2024." Malam ya ƙirga kalmomin da bakin biro, ashirin cif, ya ce ya isa. Kalmomi irin su "nazari a kan" ya ce a bar su, kowane kundi nazari ne. Sai bayan an gamsu da shi a Hausa ya yarda a mayar da shi Turanci, harshen da za a rubuta kundin da shi. A ganina wannan dabara ce babba, domin manyan kalmomin Turanci suna iya ɓoye wa ɗalibi cewa bai san abin da yake nema ba, amma da harshen gida abin ba ya ɓoyuwa.

Bayan azahar aka koma kan tambayoyin bincike. Ƙanena ya zo da guda shida a rubuce. Malam ya karanta su a bayyane, yana tsayawa a kan kowace.

Ta farko tana cewa, "Shin aikin gona yana hana yara zuwa makaranta?" Amsarta i ce ko a'a, kuma kowa a ƙauyen zai ba ka ita kyauta a bakin masallaci. Tambayar bincike, in ji Malam, tana neman nawa, ko yaya, ko mene ne bambanci. Ta biyu tana cewa, "Me ya sa iyaye ba su damu da karatun 'ya'yansu ba?" Wannan ya soke ta da ƙarfi. Ya ce ta yanke hukunci tun kafin a saurari kowa, kuma hukuncin ma ƙila zalunci ne: gyaɗar da ta nuna ba ta jiran hutun Disamba, kuma uban da ya ɗebi 'ya'yansa ya kai su gona yana iya zama shi ne zai sayar da buhu ya saya musu yunifom. Ta uku ta haɗa halarta da cin jarrabawa a jimla ɗaya. Tambaya mai kai biyu ke nan. In amsar ɗaya ta zo i, ɗayar ta zo a'a, me za a rubuta? Cin jarrabawa ma ba ya cikin take, don haka ya fita. Ta ƙarshe kuwa, "Waɗanne hanyoyi za a bi a magance matsalar?", Malam ya ce wurinta babi na biyar ne, cikin shawarwari, bayan an ga abin da bincike ya samo.

Sai ya nuna gwajin da yake yi wa kowace tambaya, wanda ban taɓa ganin irinsa ba. Ya ɗauki rula ya zana jadawali fanko: layuka takwas na makarantu, shafi ɗaya na kaka, ɗaya na rani, ba ko lamba ɗaya a ciki. Ya ce, "In ba ka iya zana jadawalin da amsar za ta zauna a ciki ba, tambayar ba ta nuna ba tukuna. In ka zana, sai ka ɗora yatsa a kan kowane gurbi ka gaya mini daga ina lambarsa za ta fito, wa ke riƙe da ita, kuma zai ba ka?" Ƙanena ya ɗora yatsa ya ce daga rajistar aji biyar, tana ofishin hedimasta, kuma sai ya kai takardar gabatarwa daga jami'a zuwa wurin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma kafin a buɗe masa. Malam ya gyaɗa kai.

Da wannan gwajin tambayoyi uku suka tsira, bayan an sake musu fasali. Ta farko: mene ne bambancin halartar 'yan aji biyar tsakanin makonnin kaka da na rani? Ta biyu: yaya wannan bambancin yake tsakanin yara maza da mata? Malam ya ce wannan ta cancanci zama don aikin kaka ba ɗaya ba ne ga kowa. Ɗaurin dami da kai shi gida sun fi faɗawa kan maza, roron wake da tsinkar gyaɗa da kai abinci gona kuwa 'yan mata na ciki dumu-dumu, kuma babu wanda zai ce ga inda ya fi nauyi sai an duba. Ta uku: waɗanne dalilai iyaye da malamai ke bayarwa na fashin yara a makonnin kaka? Wannan ba ta rajista ba ce, ta hira ce, kuma ita ce za ta cike giɓin da kalmar bambanci ta bari. Domin Oktoba ba girbi kaɗai ke cikinta ba, lokaci ne kuma da zazzaɓin cizon sauro bai gama lafawa ba. Rajista za ta nuna yaro bai zo ba, amma ba za ta ce yana gona ko yana kwance ba. Sai an zauna da uwa da uba an tambaya.

Ya lura da abu ɗaya a jimlar tambaya ta uku. An rubuta dalilan da iyaye "ke bayarwa", ba dalilan da "suka sa" ba. Abin da mutum ya faɗa shi mai bincike zai iya kawowa da hujja, kuma tambayar ta tsaya daidai nan.

Daga nan aikin ya yi sauri. Kowace tambaya aka ba ta manufarta guda, da kalmomi iri ɗaya, tambaya ta ɗaya manufa ta ɗaya, har uku. Biyun farko, da yake na lambobi ne, aka yi musu hasashen da za a gwada, wanda bisa al'ada ake rubuta shi da cewa babu wani bambanci na a-zo-a-gani, sai lissafi ya rushe shi a ma'aunin 0.05. Ta uku ba ta buƙatar hasashe. Ƙanena ya ambaci jadawalin Krejcie da Morgan na 1970, wanda ɗalibai ke dubawa don sanin mutum nawa za su ɗiba daga cikin jama'a. A ciki, in yara 320 ne, 175 ake ɗauka. Malam ya ce jadawalin na da amfani in takardar tambaya za ka raba, amma tunda sunayen duka suna kwance a rajista, babu dalilin zubar da sauran. A kwashe su gaba ɗaya, a sa lamba a madadin sunan kowane yaro don sirrinsa.

Akwai hanya mai sauƙi da wasu ke bi, kowa ya sani. A shagunan buga takardu na kusa da manyan makarantu ana samun jerin tsofaffin take, mutum ya zaɓi ɗaya, ya goge sunan wata ƙaramar hukuma ya sa tasa. Malam bai zagi kowa ba. Ya dai ce yana gane irin wannan da tambaya ɗaya tak: daga ina lambar gurbin farko za ta fito? Wanda ya sayi take ba ya da amsa, don bai taɓa tsayawa a gaban ajin da taken ke magana a kansa ba.

Har mun fara haramar tashi, Malam ya ce saura abu ɗaya, kuma shi ne zai iya rushe duk aikin yini. Dukan ginin a kan rajista yake, rajista kuwa ba kowace ce ke faɗin gaskiya ba. Wani malamin sai Juma'a yake zama ya cike ta mako guda. Ana gane wannan: tawada iri ɗaya daga Litinin zuwa Juma'a, alamomin sun jeru kamar an buga da inji, babu gyara ko ɗaya, kuma kusan kowane yaro ya zo kowace rana har da ranar da aka kwana ana ruwa. Ya umurci ƙanena da kada ya kai taken ga sashe tukuna. Ya fara zuwa makarantu uku daga cikin takwas ɗin, ya ga ko rajistar 2023/2024 tana nan ba ta ɓata ba, ya buɗe ta ya dubi tawada. Sannan, tunda ana cikin kaka, ya shiga aji biyar na bana ba tare da sanarwa ba, ya ƙirga kawunan da ke zaune, ya kwatanta da abin da malamin ajin ya rubuta a ranar. In sun yi kusa, a ci gaba. In sun yi hannun riga, to take zai sauya shekara: a bar tsohuwar rajista, ƙanena ya riƙa ƙirga yaran da kansa a kaka da rani masu zuwa, a makarantu huɗu maimakon takwas, don abin da mutum ɗaya zai iya zagayawa ke nan yana kuma koyarwa.

Ƙanena ya naɗe takardar da ta sha jan biro ya saka a aljihun gaba. Malam ya rako mu har bakin hanya, inda wasu yara uku ke turo amalanke cike da harawar gyaɗa. Ya tsayar da babbansu ya tambaye shi ajinsa nawa. Yaron ya ce biyar. Ranar Talata ce, kuma tun da hantsi, in ji shi, suna gona.